Abin da gefen matsewa ke faɗa a hoton bariyom

Aikin ɗakin hoto a Garwa ya koya mini cewa idan aka turo mai wahalar haɗiya, kafin ya kurɓi bariyom, wato farin ruwan da ake sha don ya fito a hoton X-ray, sai na tambaye shi abu biyu: tun yaushe abin ya fara, kuma da tuwo ya fara ko har da ruwa. Amsar ce ke nuna mini inda zan zuba ido.

Shi gwajin ba shi da wuya. Mutum ya kwana bai ci komai ba, aƙalla awa 6, ya tsaya gaban na'ura ya sha farin ruwan nan mai kauri, mu kuma muna kallon saukarsa. Jiki ba ya tsotse bariyom, shi ya sa yake zana cikin bututun abinci sarai. Amma idan ana zargin bututun ko ciki ya huje, ba a ba da shi, sai a koma ga ruwan hoto mai aidin.

Matsewa iri-iri ce, kuma gefenta ake karantawa. A akalasiya, wato ƙofar ciki ta ƙi sakin jiki, bututun yakan buɗe sosai daga sama, bariyom ya taru, ƙasan ya tsuke sumul kamar bakin tsuntsu. Masu ita sukan yi shekaru suna fama, ruwa da tuwo duk suna tsaya musu. Cutar kansa kuwa gefenta a ciccije yake, matsewar a hoton ta fara farat ɗaya, kuma nama da tuwo ne ke fara maƙalewa kafin kunu.

Wani dattijo da ya haura shekara 60 ya zo, wata uku ke nan yana fama, ya rame ƙwarai. Hotonsa ya fito da tsukewa sumul a ƙasa, mai gaggawa zai rubuta akalasiya ya sallame shi. Sai dai bututun bai buɗe ba yadda na mai tsohuwar akalasiya ke yi, kuma tsukewar ta yi tsawo. Na ce, "Baba, ku kwanta ku juya a hankali," don bariyom ya shafe saman cikin. Nan muka ga bangon wurin ya yi tauri, ba ya miƙewa. Likita ya tura shi fibroskopi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba ciki, aka yanko ɗan nama, aka tabbatar kansa ce a bakin ciki, ta kwaikwayi akalasiya.

Bariyom siffa da motsi yake nunawa, ba ya faɗin irin naman da ke wurin, kuma ƙaramin gyambo kan iya ɓoye masa. Don haka dattijo mai sabuwar wahalar haɗiya da rama, ko hotonsa ya yi kyau, muna rubuta a yi masa fibroskopi. Kafin ya tafi kuma mu gaya masa ya sha ruwa da yawa, bayan gidansa zai yi fari kwana ɗaya ko biyu, kada ya tsorata.