Injiniya, kafin mu sake haɗe sabobin nan

Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki, ya iyali? Na ce gara in rubuta maka saboda a waya raina yana tashi sai in manta rabin abin da zan faɗa.

Har yanzu ina kan bakana, sabobin nan uku a haɗe su a inji ɗaya. Zafin da suke yi a ɗan ofis ɗin nan namu na Singa da yadda suke shanye batirin inbata ya ishe ni, ga ta lissafi tana kan Windows Server 2012 R2 wanda tun Oktoban 2023 aka daina yi masa gyaran tsaro. Ta fayiloli da ta na'urar dangwala yatsa sun koma sabon injin lafiya a haɗin farko, ban da ƙorafi a kansu, Allah ya saka da alheri.

Amma maganar dongul ɗin nan wallahi har yau tana ci mini rai. Ɗan abu kamar fulash yana soke a bayan tsohuwar saba, ƙura ta rufe shi, ashe shi ne lasisin manhajar lissafinmu gaba ɗaya. Ka kwafe faifan tsohuwar da Disk2vhd, ka tayar da shi a Hyper-V, manhajar da ke tayar da sabobi a cikin sabon injin, Windows ta buɗe, ka ce mini an gama. To Windows ce ta buɗe, manhajar ba wanda ya taɓa ta. Da safe yaro ya zauna zai yanka rasit ta ce ba ta ga makullinta ba, ka zo ka soke dongul ɗin a sabon injin, shiru, ashe Hyper-V ba ya miƙa irin wannan na'urar ta USB kai tsaye ga sabar da ke cikinsa, babban injin yana ganinta amma ta cikin ba ta san da ita ba. Motoci a tsaye a ƙofa, Alhazan da suka zo sari suna jira, mu kuma ba mu san adadin kayan da ke sito ba balle bashin da ake bin kowa, sai rasit na hannu muka dinga yi, kuma ka san shigar da su daga baya wani aikin ne, har yanzu akwai katan-katan na madara da lissafinsu bai daidaita ba.

Abin da ya cece mu kawai shi ne da na dage kar a goge tsofaffin sai an yi wata guda, ka tuna har kana cewa ɓata wuri ne. Mayar da dongul ɗin aka yi mazauninsa aka kunna tsohuwar, aiki ya ci gaba. Don haka wannan sharaɗin yana nan.

Yanzu ga yadda nake so. Ka ce ko dai mu sayi ɗan akwatin da ake soke dongul a jikinsa ya aika ta netwok, ko mu koma Proxmox wanda yake iya miƙa USB. Ni na fi karkata ga Proxmox don ba na son ƙarin wani akwati da zai iya mutuwa, amma idan shi ne, ka ɗaure dongul ɗin da lambarsa da `lsusb` yake nunawa, kar ka ɗaure shi da ramin da aka soke shi, don ranar da wani ya zo share ƙura ya canja masa rami kar mu koma gidan jiya. Kuma gwajin a gabana za a yi, a shiga manhajar, a yanka rasit, firinta ta fitar, a kashe injin gaba ɗaya a sake kunnawa a ga ko ta cikin ta tashi da kanta ta ga dongul ɗin. Ka kuma kira masu manhajar tun kafin ranar, ka tambaye su ko lasisin yana duba wani abu a jikin injin bayan dongul, tunda lambar katin netwok ma canjawa take yi idan aka mayar da saba ciki.

Sai lasisin Windows ɗin kansa. Na tsohuwar irin wanda ya zo manne da inji ne, ba ya bin mu zuwa sabo, kuma Standard sabobin Windows biyu kawai yake ba da damar tayarwa a ciki, mu kuma uku gare mu. Ka rubuto mini kuɗin wannan a fili tun yanzu, kar ya fito daga baya.

Bakof kuma kar ya kwana a cikin injin, tunda yanzu idan ya tsaya komai namu ya tsaya. A sa a wani faifai daban da zan dinga tafiya da shi gida, kuma ka dawo mini da saba ɗaya daga cikinsa in gani da idona.

Ragowar kuɗinka yana nan, ranar da rasit ya fito daga sabon injin bayan an kashe an kunna zan tura maka. Ka faɗa mini daren da ya yi maka bayan an tashi kasuwa. A gaida gida.