Ranar da aka ba ni jawabin godiya a Gombe

Ina cikin shekarata ta biyu a Gombe aka fara miƙa mini makirfo a gaban jama'a. Ni mutumin Damagaram ne, da Faransanci na yi karatun aikin gona, aure da neman abinci suka kawo ni Najeriya. Hausa ta sauƙaƙa mini zama, ko da yake na daɗe ina lissafin kuɗi da dalar sefa ta Nijar a zuciyata kafin in juya shi zuwa naira, kuma da na buɗe baki a kasuwar Tudun Hatsi sai a ce, "Malam daga Nijar ko?" Inda na fi shan wuya shi ne ofis, domin takarda duk da Turanci take zuwa. Shi ya sa a kowane taro nake zama kusa da majigi, ina danna kwamfuta, bakina a rufe.

Taron da nake magana na kwana uku ne, kan ajiyar wake a buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a murɗe bakin kowanne a ɗaure shi daban, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Na san buhun tun a gida, don manoman wake na Maraɗi da Damagaram sun daɗe da shi. Mahalarta sun zo daga Akko, Kwami da Yamaltu-Deba.

A daren rana ta biyu Hajiya, shugabar ofishinmu, ta kira ni ta ce, "Ƙanena, gobe kai za ka yi jawabin godiya." Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, ban san tsarin nan ba." Ta ce, "Ai kai ka haɗa shafukan sakamako. Duk wanda ya cancanci godiya yana cikinsu, ka je ka nemo shi. Minti biyar, kafin La'asar."

Na koma gida Pantami na buɗe PowerPoint. Shafuka biyu ne a ƙarshe. Na farko an rubuta Results a kansa, wato abin da ya riga ya faru a ɗakin taro. Na biyu Outcomes, abin da ake sa ran zai biyo baya idan kowa ya koma ƙauyensa. Na ɗauki takarda na raba ta gida biyu, hagu na kwafe kowane layi na shafin, dama kuma na rubuta amsar tambaya guda: hannun wa ya yi wannan?

Layin farko ya ce mutum 38 suka yi rajista, 31 suka kammala kwana ukun. A gefensa na rubuta mahalarta da kansu, musamman matan da suka baro gida da yara, sai direban da ke ɗauko na nesa tun da sassafe. Layi na biyu shi ya fi cin lokacina. An rubuta 87% kawai, da manyan lambobi. Na koma takardun gwaji na ga asalinsa. Ranar farko mutum 9 ne suka iya duba leda su ɗaure buhu daidai, bayan horo suka zama 27. To 27 cikin 31 shi ne kashi 87, amma wanda ya karanta 38 a layin sama zai ɗauka daga nan aka cire, alhali da haka ne kashi 71 zai fito. Na yanke shawarar ba zan ambaci kashi ba sam. Manomi ya fi gane "mutum tara ne jiya, yau ashirin da bakwai", kuma babu mai kama ka da ƙari. Huɗun da suka rage ma na ba su jimla guda, domin suna zaune a ɗakin, sun san kansu.

Lambar 27 ɗin nan ta malamar da ta koyar da ɗauri ce. Na ga yadda take yi: ta buɗe leda ta cika ta da iska, ta shaƙe bakin, ta danna da tafin hannu, ta kawo kunci kusa tana jin ko iska na fita. Ta sa kowa ya maimaita har ya iya. Na rubuta wannan kamar yadda na gani, don a ganina godiyar da ta faɗi aikin da mutum ya yi ta fi "muna godiya bisa gagarumar gudummawa" nesa ba kusa ba.

Shafi na biyu ne mai tarko. Layi uku ke ciki: kowane mahalarci zai nuna wa mutanen garinsa kafin a fara roron wake, wani ɗan kasuwa zai riƙa ajiye buhunan a shagonsa, sannan bayan wata huɗu za a buɗe buhunan gwaji a bainar jama'a. Babu ko ɗaya da aka yi tukuna. Idan ka gode wa mutum kamar ya riga ya cika, ka sauke masa nauyi, kuma ka faɗi abin da bai faru ba. Sai na sauya lafazin: a gode masa da ɗaukar alkawari, a faɗi alkawarin da lokacinsa a gabansa, a rufe da in sha Allahu.

Da safe na nuna wa Hajiya. Ba ta taɓa lamba ko ɗaya ba, jerin gaisuwa ta gyara. Na sa wakilin masu ba da tallafi a gaba, kamar yadda na saba gani a takardun aiki. Ta ce, "A nan uban ƙasa ake fara gaisarwa. Wakilin hakimi, sai malamai, sai jami'an gwamnati, sannan baƙi. Kuma kada ka manta mai abinci." Ta kuma ce in cire "mushe", wato monsieur na Faransanci, da na rubuta wa malaman horo in sa "malam", sannan ta koya mini "mi yetti", wato na gode da Fulatanci, tunda da yawa cikin mahalarta Fulani ne.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna na tashi. Na roƙi a bar shafin sakamako a bango, na juya masa baya na fuskanci mutane, don karanta abin da kowa ke gani ɓata lokaci ne. Bayan sallama da gaisuwa na ce:

"Ranka ya daɗe, ranar Talata mutum tara ne a ɗakin nan suka iya ɗaure buhu yadda iska ba za ta shiga ba. Yau ashirin da bakwai ne. Malama, aikinki ne wannan, ke kika durƙusa da kowa a kan tabarma har ya iya. Allah Ya saka miki da alheri. 'Yan'uwanmu huɗu da ɗaurin bai zauna musu ba tukuna, mun gode da ba ku gaji ba, kuma za mu biyo ku har gida."

Da na iso kan ɗan kasuwar na ce, "Alhaji, ka yi alkawarin buhu zai kasance a shagonka kafin kaka. Mun gode, kuma jama'ar nan duk sun ji." Ya ɗaga hannu ya ce, "In sha Allahu." Na gode wa direba, da matar da ta ciyar da mu kwana uku, da yaron da ke kula da janareta. Na rufe da "mi yetti", wani dattijo daga Kwami ya amsa mini da doguwar Fulatanci, na kusa da shi ya fassara mini: addu'a ce ya yi mini da iyalina.

Bayan salla Hajiya ta miƙo mini takardar sunayen mutum huɗun nan, ta ce tunda da bakina na ce za mu bi su gida, ni zan je. Biyu daga cikinsu a wajen Kumo suke. Ranar Litinin na ɗaure buhuna uku da igiya a bayan babur na kama hanya.