Yadda na gyara hedar imel ɗin shagon Yaya don ta zauna daidai a ƙaramar waya

Ni nake tura wa kwastomomin yayana imel duk lokacin da sabbin kaya suka iso, atamfa da shadda da leshi yake sayarwa a Kantin Kwari, kuma yawancin masu karɓar saƙon 'yan sari ne daga wasu garuruwa. Hedar da muke amfani da ita, wato hoton nan da yake can saman wasiƙar, wani mai zane ne ya yi mana ita tun farko, faɗinta fiksel 600, wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto, tsayinta 300, akwai tambarin shago a hagu, ga hoton atamfofi a jere, ga adireshi da lambar waya a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. A kwamfuta kam ta yi kyau ba laifi. Sai wata Hajiya da take sari ta yi wa Yaya waya tana cewa "Alhaji lambar nan taku ba ta karantuwa fa, sai na ja hoton da yatsu biyu, shi ma dishi-dishi nake gani." Yaya ya miƙo min wayarsa ya ce in duba, na duba, wallahi gaskiyarta ne.

Abin da ya ɗaure min kai da farko shi ne wayar Yaya a kwali an rubuta sikirin ɗinta 720 ne a faɗi, to ya za a yi hoto mai 600 ya matse a cikin 720? Ashe fiksel iri biyu ne. Akwai na gilashin wayar kansa, shi ne 720 ɗin, akwai kuma wanda imel da shafukan intanet suke lissafi da shi, a irin waɗannan wayoyi duk fiksel biyu na gilashi ana ƙirga su ɗaya ne, kenan faɗin da wasiƙarka take samu 360 ne kawai. Wayoyi masu 1080 ma da yawansu uku-uku suke haɗawa su dawo 360 ɗin dai, wasu su ba ka 390 ko 412, tsofaffin ƙananan iPhone kuma 320. Shi ma 360 ɗin ba duka za ka samu ba, don manhajar Gmail tana cin ɗan gefe hagu da dama.

Daga nan lissafin ya fito fili. Idan hoto mai faɗin 600 zai shiga 360, komai na cikinsa sai ya ragu zuwa kashi 60 cikin 100. Lambar wayar nan an rubuta ta ne da girman 16, to 16 sau 0.6 ya ba ka 9.6, a waya mai 320 kuma wajen 8.5, alhali rubutun da mutum zai karanta a waya ba tare da ya matse ido ba daga 14 yake farawa. Kuma shi rubutun da yake cikin hoto ba rubutu ba ne a wurin waya, hoto ne kawai, ba za ta iya ƙara masa girma ko ta karya shi ya sauko layi na biyu ba, yadda hoton ya ƙanƙance haka zai bi shi. Dishi-dishin kuma wata matsalar ce daban, fayil ɗin fiksel 600 ne kacal a cikinsa, amma wayar tana shimfiɗa shi a kan ɗigo 720 ko 1080 na gilashi, dole gefen haruffa ya narke. Ka ga hoto ɗaya ya yi wa ido ƙanƙanta kuma ya yi wa gilashi kaɗan a lokaci guda, wannan ne ya sa mutane suke rikicewa, wani ya ce a ƙara girma wani ya ce a rage, duk su biyun kuma suna da gaskiya.

Na buɗe Canva na yi sabon zane mai 1200 a faɗi da 320 a tsayi, da niyyar a nuna shi a 600 da 160. Ninkin nan shi ne maganin dishi-dishi, don 1200 ya wuce 1080, ko wayar mai 1080 ɗin ce ba sai ta ja hoton ba. Sai dai da zarar ka koma 1200 lissafin rubutu ma ya canza, yanzu daga 1200 zuwa 360 kashi 30 cikin 100 ne, kenan rubutun da na sa masa 48 a zanen zai fito 14.4 a waya, a mai 320 kuma 12.8. Na mayar da 48 ya zama iyakata, duk abin da ba zai shiga a 48 ba to ba shi da wuri a cikin hoton. Mai zane idan ya ga haka a babban sikirin zai ce haruffan sun yi gwaɓi, kar ka biye masa, ba a kwamfutarsa za a karanta ba.

Tsayin ma na daɗe ina tunani a kansa, don shi ne wanda ba a cika kula da shi ba. Idan ka buɗe saƙo a Gmail na waya, kafin a zo kan wasiƙarka akwai layin maɓallai a sama, ga taken saƙo wanda sau da yawa yakan ci layi biyu, ga sunan mai aikowa, duk sun riga sun cinye wani kaso na sikirin. Tsohuwar hedar mai 300 tana komawa 180 a waya, sai ya zama mutum ya buɗe ba abin da yake gani sai tambarinmu da ya riga ya sani, labarin shaddar da ta iso da farashinta kuma suna can ƙasa sai ya ja. Sabuwar mai 160 tana komawa 96 ne, kusan rabi kenan, jimlar farko ta wasiƙar ta hauro sama ana ganinta daga buɗewa. Yaya bai so ba da farko, ya ce "kai yaron nan ka yanke mana atamfofin", na ce Yaya ai atamfofin suna nan a cikin wasiƙa kowacce da hotonta, can ne wurinsu. A ganina heda sallama ce kawai, mutum ya san daga wa saƙon ya fito, shi ke nan aikinta.

Abin da ya rage a hoton tambari ne da sunan shago da ɗan zanen atamfa a gefe. Adireshi na kai shi ƙasan wasiƙa, lambar waya da jimlar "Sabbin kaya sun iso" kuma na fitar da su suka zama rubutu na gaske a ƙarƙashin hoton, a kan launi iri ɗaya da na bayan hoton, ta yadda ido zai ga kamar abu ɗaya ne. Rubutu na gaske idan ka ce masa 22 to 22 zai zauna, in wuri ya yi masa kaɗan ya karye ya sauko ƙasa, lambar kuma ana iya taɓa ta a kira kai tsaye. Ga layin HTML, yaren da ake gina wasiƙar imel da shi, da yake riƙe da hoton:

```html
<img src="https://example.com/heda.jpg" width="600"
  alt="Sunan shago"
  style="display:block;width:100%;max-width:600px;height:auto;border:0;">
```

Kowane ɓangare da aikinsa. `width:100%` yana cewa hoton ya cika duk faɗin da ya samu, `max-width:600px` yana hana shi wuce 600 a babban sikirin, `height:auto` kuma shi yake sa tsayin ya bi faɗin. Idan ka ga tambari mai da'ira ya koma kamar ƙwai a waya, to an ɗaure tsayin ne da lamba an bar faɗin yana raguwa shi kaɗai. `display:block` yana kashe siririn farin layin da yake fitowa tsakanin hoto da abin da yake ƙasansa. Shi kuma `width="600"` na waje saboda tsohon Outlook na Windows ne, wanda da injin Word yake nuna imel kuma bai san `max-width` ba, in ka cire shi zai baje hoton a 1200 ɗinsa ya yage wasiƙar gaba ɗaya. Kwastomominmu ba su da Outlook sosai, amma akwai masu ofis a cikinsu. Teburin HTML da ake jera wasiƙar a cikinsa, inda hoton yake zaune, shi ma dole ya zama mai `width:100%` da `max-width:600px`, in ba haka ba hoton zai cika tebur mai 600 ne, wayar kuma ta matse wasiƙar duka ko ta sa a riƙa ja gefe.

Ban dogara da `@media` ba, wato umarnin da yake canza wasiƙa bisa faɗin sikirin, duk da akwai masu yin heda biyu da shi, ɗaya ta waya ɗaya ta kwamfuta, a ɓoye wannan a nuna wancan. Ba kowace manhajar imel take bin umarnin ba, inda ba a bi ba kuma sai ka ga wacce ba ka so ta fito ko su fito su biyun. Hoto ɗaya da aka zana don 360 ya fi min kwanciyar hankali.

Sai nauyi. Da na sauke zanen a PNG ya haura 700KB saboda zanen atamfar, na mayar da shi JPG na rage ingancinsa zuwa wajen 75, ya dawo ƙasa da 80KB kuma a waya ban ga bambanci ba. Ga wanda yake kasuwa netwok yana hawa yana sauka, wannan shi ne bambancin hoto ya buɗe nan take ko ya bar farin fili, shi ya sa ma `alt` yake da amfani, ko hoton bai sauko ba sunan shago zai fito. Kar a haɗa wannan da iyakar 102KB da Gmail yake yanke saƙo a kanta ya rubuta `[Message clipped]`, waccan nauyin HTML ɗin ne, hotunan da suke kan saba, wato kwamfutar intanet da take ajiye su, ba sa cikin lissafin. JPG ɗin ya ƙara yi min wani amfani, ba shi da bayan da ake gani ta cikinsa, to masu sa wayarsu a yanayin duhu ba za su rasa tambarin ba, don baƙin tambari a PNG marar bango ɓacewa yake ɓat idan bayan ya koma baƙi.

Wajen gwaji na fara da Chrome, `F12` sannan `Ctrl+Shift+M`, na sa faɗi 360 na duba na sa 320 na duba, amma wannan burauza ce ba manhajar imel ba, dole ka tura wa kanka ka buɗe a waya ta gaske. Na gwada a tawa komai lafiya, na karɓi ta Yaya sai na ga jimlar ƙasan hoton ta karye gida uku, lambar wayar ma ta rabu biyu, alhali wayoyin namu kusan girmansu ɗaya. Ashe shi ya shiga saiti ya ƙara `Display size` da `Font size` saboda ido, kamar yadda dattawa da yawa suke yi, ƙara na farkon kuwa rage faɗin da wasiƙa take samu yake yi. Na rage jimlar daga 22 zuwa 20, na ba lambar layinta ita kaɗai da `white-space:nowrap` don kar ta sake rabewa, na rage tazarar gefe zuwa 12px. Tun daga lokacin a wayarsa nake fara gwada kowace wasiƙa kafin in tura, tawa sai daga baya.