Yadda na tsara kujeru a dogon falonmu

Falonmu mita 7 ne a tsawo, faɗinsa kuma mita 3 da rabi, ƙofar shiga tana ƙarshe ɗaya. Haka muka tarar da shi lokacin da muka tare: talabijin a can ƙuryar ƙarshe, kujeru jere a jikin bango hagu da dama kamar wurin jiran likita. Wanda ya zauna kusa da ƙofa ba ya ganin allon da kyau, na kusa da shi kuma sai ya karkace wuya. Hira ma sai an ɗaga murya.

Abin da ya sauya komai shi ne inda na mayar da talabijin. In ya zauna a gajeren bango, ido yakan bi tsawon ɗakin har ƙarshe, falon ya ƙara tsukewa. Sai na kira mai wuta ya ja soket zuwa dogon bango, aka kafe shi a can. Ban sa shi a tsakiyar bangon ba. Na auna mita 4 da rabi daga ɓangaren ƙofa na ware wa zama, na sa shi a tsakiyar wannan yankin.

Kafin in ja kujera ko ɗaya, na zana wurin kowacce da alli a ƙasa. Mai zaman mutum uku ta fuskanci talabijin daga ɗaya bangon. Mai zaman mutum biyu kuwa na gitta ta, bayanta ya ba sauran falon baya, kuma ita ce ta yanke tsawon nan. Ƙananan biyu suka zauna ta ɓangaren ƙofa, a ɗan karkace. Tsakanin babbar kujera da teburin tsakiya na bar santimita 45, daidai miƙa hannu a ɗauki kofi. Tsakanin tebur da bangon talabijin fiye da mita ɗaya ya rage, mai ɗauke da tire ta wuce ba ta goga komai ba.

Kafet ɗin da muke da shi ya yi ƙarami, kujerun suka zama kamar kowacce zaman kanta take yi. Da na sa wanda ƙafafun gaba na dukkansu suka hau, sai suka haɗu wuri guda.

Sauran mita 2 da rabi ba a barinsu fayau, don nauyin ɗakin zai rinjaya gefe ɗaya. Na shimfiɗa darduma da tumtum, nan muke cin abinci da salla, na kuma tsayar da doguwar kantar littattafai a bangon ƙarshe.

Matsala ɗaya ta rage: mai zuwa ciki dole ya gitta gaban talabijin. A faɗin mita 3 da rabi babu wurin hanya ta bayan babbar kujera, sai in faɗin falon ya kai mita 4 da rabi.