Shaidar da ban kira ba a tirabunal ɗin haraji

A shekarata ta biyu da fara aikin lauya a Kano, ogana ya miƙa mini fayil ɗin wani kamfanin hatsi da ke da sito a Dawanau. Hukumar haraji ta duba asusun bankin kamfanin, ta tarar da naira miliyan 60 da suka shiga amma ba su cikin littafin ciniki, sai ta ɗauke su a matsayin kuɗin kaya ta ɗora musu haraji. Alhaji, mai kamfanin, ya rantse mini cewa miliyan 35 daga ciki bashi ne ƙanensa ya ba shi lokacin kaka, don ya sayi masara ya ajiye. Babu takardar yarjejeniya, domin a tsakaninsu rubuta bashi kamar zargi ne. Akantansa ya riga ya rubuta wa hukumar cewa ba su yarda ba, cikin kwana 30 da doka ta bayar, ita kuma ta amsa cewa ba za ta gyara ba. Daga ranar da wannan amsa ta iso muke da wasu kwana 30 mu kai kuka gaban tirabunal ɗin ɗaukaka ƙarar haraji, wanda reshensa na Arewa maso Yamma yake Kaduna.

Da raini na shiga wurin, kuma rainin daga karatuna ya fito. An koya mana cewa manyan kotuna su ne waɗanda sashe na 6 na tsarin mulkin 1999 ya lissafa, kuma wannan tirabunal ba ya cikinsu. Dokar hukumar tara haraji ta tarayya ta 2007 ce ta kafa shi. A ƙarƙashin wannan doka mutum biyar ne ke zama, uku sun isa a yi shari'a, kuma Ministan Kuɗi ne ke naɗa su na shekara uku, a iya sabuntawa sau ɗaya. A lokacin, shugaban lauya ne da ya yi aƙalla shekara 15 a aiki, sauran kuwa masana haraji da lissafi ne. Alƙalin babbar kotu kuwa sai da shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa ake naɗa shi, kuma yana nan har ya kai shekarun ritaya. Hatta mai tsaya wa mai ƙara a tirabunal ba dole ne ya zama lauya ba, akanta ma yana iya tsayawa. Da na haɗa waɗannan duka sai na yanke a raina cewa wannan zaure ne kawai, shari'ar gaske tana cikin gida, a Babbar Kotun Tarayya.

Ba ni kaɗai na yi wannan tunani ba. Sashe na 251 ya ce Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin shari'ar harajin kamfanoni, kuma a 2013 wani alƙalinta ya yanke cewa tirabunal ɗin ya saɓa wa wannan sashe. Sai a 2017, a shari'ar kamfanonin mai na CNOOC da NNPC, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta daidaita maganar. Ta ce tirabunal ba kotu ba ne, mataki ne na gudanarwa da ake bi kafin a isa kotu, saboda haka bai ƙwace wa kowa hurumi ba. Ni abin da na ɗauka daga hukuncin shi ne kalmar "ba kotu ba ne". Ban tsaya na yi tunani a kan abin da ake yi a wannan mataki ba.

Ranar zaman, akantan Alhaji ne shaidarmu tilo. Ƙanen yana Dawanau ana tsakiyar loda kaya, kuma da Alhaji ya tambaye ni ko sai ya zo, na ce a bar shi, idan ta kama ma kawo shi a gaba. Ɗaya daga cikin masu zaman, wani dattijo mai tabarau, ya buɗe takardar bankin ya sa yatsa a kan wasu layuka uku. Ya tambayi akanta dalilin da ya sa bashin ya shigo kashi uku daga asusu daban-daban, kuma ina aka rubuta shi a littafin basussukan kamfani. Akanta ya yi ta juya takardu. Gaskiyar magana ita ce ƙanen ya sa abokan cinikinsa biyu su tura wani ɓangare kai tsaye, amma babu mai iya faɗin haka sai shi. A wannan zama nauyin hujja yana kan mai ƙara, shi zai nuna cewa harajin da aka ɗora masa ya wuce ƙima. Ba mu nuna ba, aka kori ƙararmu.

Na kwana ina rubuta dalilan ɗaukaka ƙara guda huɗu, washegari na kai wa oga. Ya karanta a tsanake, sannan ya ce, "Barista, wanne ne na doka a cikinsu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk suna nuna cewa kuɗin bashi ne."

Ya ce, "To ai wannan ba tambayar doka ba ce."

Ya buɗe mini sakin layin dokar da na sha wucewa. Daga tirabunal ana zuwa Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30, amma a kan batun doka kawai. Alƙalin ba zai sake sauraron shaidu don ya gano ko miliyan 35 bashi ne ko ciniki ba. Abin da zai zo gabansa shi ne kundin zaman, wato takardun da aka karɓa da maganganun da aka rubuta da hukuncin. Daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli, wannan kundin ne zai yi ta hawa, kuma sunan ƙanen Alhaji ba ya cikin shaidunsa.

Oga ya ɗauki lokaci yana raba mini batun doka da batun abin da ya faru. Da a ce tirabunal ya yarda kuɗin bashi ne amma ya ce bashi ma ana biya masa haraji, wannan kuskuren doka ne, alƙali zai gyara. Da an hana mu kiran shaida, shi ma doka ne, domin sashe na 36 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, ko a gaban hukumar gudanarwa ce. Haka nan idan aka yanke wani abu alhali babu ko ƙwayar hujja a kansa a cikin kundi. Amma inda aka ɗora hujjar ɓangare biyu a sikeli, ɗaya ta rinjayi ɗaya, alƙali ba ya taɓawa. Dalilaina huɗu duk irin wannan na ƙarshe ne, ko da yake na fara kowanne da cewa tirabunal ya yi kuskure a doka. Yadda yake gane su, in ji shi, shi ne ya karanta bayanin da ke ƙarƙashin dalilin. Idan amsar tana buƙatar a sake tambayar wani mutum abin da ya faru, to ba doka ba ce.

Har yanzu ina da damuwa a kan cewa ɓangaren gwamnati mai karɓar haraji shi ne ke naɗa masu sauraron kukan mai biya. Amma dattijon nan ya ga abin da ni ban gani ba a takardar banki cikin minti biyar, kuma tambayarsa halal ce. Dokokin haraji na 2025 sun sauya wa hukumar suna, sun kuma mayar da tirabunal ƙarƙashin sabuwar doka, don haka duk mai irin wannan fayil yanzu ya karanta sabon nassin da idonsa kafin ya ƙirga kwanaki.

Ba mu ɗaukaka ƙarar ba. Ni na je Dawanau na faɗa wa Alhaji, kuma na gaya masa cewa shawarar barin ƙanensa tawa ce. Ya yi shiru yana kallon masu dako suna sauke buhuna, can ya tambaye ni ko hukuma za ta yarda ya biya kaɗan-kaɗan. Wasiƙar neman hakan ita ce ta ƙarshe da na sa a fayil ɗin.