Ga ƙannena amare: abin da mai ciki ke haɗiya, da lokacin da take haɗiyarsa

Maganin da ya fi kowane muhimmanci a farkon ciki shi ne wanda ya fi arha a kyamis, kuma shi aka fi rainawa. Folik asid nake nufi, 'yar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da ake haɗowa da maganin ƙarin jini a wajen awo. A cikina na fari ban fara shanta ba sai da cikin ya kusa wata biyar, saboda a nan Katsina kunyar cikin fari ba ta barin yarinya ta buɗe baki. Na ɓoye wa kowa, har yayata da muke uwa ɗaya uba ɗaya, ina ta fama da laulayi ina cewa zazzaɓi ne. Ranar da na je awo malamar ta duba katina ta ce, “Amarya, ƙwayar nan za ki sha ta don jininki, amma babban aikinta ga yaron an riga an wuce wurin.”

Ga abin da take nufi. Ƙwaƙwalwar jariri da lakarsa suna farawa ne daga wani ɗan fili da ke naɗewa ya zama bututu, kuma bututun yana gama rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki. A lissafin mata, sati biyu ke nan kacal bayan ɓatan wata, lokacin da yawancinmu muke cewa bari mu ƙara jira mu gani ko jinin zai zo. Idan jikin uwa ba shi da isasshen folik asid a waɗannan kwanaki, bututun na iya ƙin rufewa. In ta ƙasa ya ƙi, sai a haifi jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, abin da likitoci ke kira sifina bifida, kuma sau da yawa yakan zo da shanyewar ƙafafu, da kasa riƙe fitsari da bayan gida, da taruwar ruwa a kai. In ta sama ya ƙi, ƙwaƙwalwar ba ta cika, irin wannan jaririn kuwa ba ya rayuwa. Allah ya rufa mini asiri ɗiyata ta zo lafiya, amma ba dabarata ba ce.

Don haka lokacin farawa shi ne kafin cikin ya shiga, da aƙalla wata ɗaya, in an samu wata uku ya fi. Ni a ganina budurwar da aka sa wa rana ta fara sha tun ana harhaɗa kayan ɗaki. Matar da ta yaye, ko ta daina tazarar haihuwa, ita ma haka. Adadin da mace mai lafiya ke buƙata maikirogiram 400 ne a rana, a jikin kwali za ki ga an rubuta 400 mcg ko 0.4 mg, duk abu ɗaya ne. Sati 12 na farko su ne na kare lakar jariri, daga nan kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba da shi har haihuwa tare da sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, miligiram 30 zuwa 60 kullum.

Sai dai akwai wani ruɗani a kyamis ɗinmu. Ƙwayar da aka fi sayarwa 5 mg ce, wato ninki goma sha biyu da rabi na abin da ake buƙata. Wannan babban adadi na wasu mata ne: wadda ta taɓa haihuwar jariri mai matsalar laka, mai ciwon suga, mai sikila, da mai shan maganin farfaɗiya. Su likita ne zai ɗora su a kai tun kafin ciki, kuma mai farfaɗiya kada ta kuskura ta ajiye maganinta da kanta don ta ga ɓatan wata. Ga sauran mata, in 5 mg ɗin kaɗai kika samu a watannin farko, ki sha, ya fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Inda maganar ke canzawa shi ne daga sati na 13, lokacin da ake fara ba ki Fansida ƙwaya uku don rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Fansida tana kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar hana ta folik asid, to in kina shan 5 mg kullum, kina rage wa maganin ƙarfi. Na 0.4 mg ba ya yin haka. Ki nuna wa malamar awo ainihin wanda kike sha, ta gaya miki yadda za ki haɗa su.

A ciki na biyu sai na zarce gona da iri. Tunda na yi sakaci a baya, na ce wannan karon babu abin gina jiki da zai wuce ni. Na sayi maltibitamin na kowa da kowa, wanda ba don masu ciki aka yi shi ba, mai kwali mai ƙyalli. Wata ƙawata ta ba ni kwalbar man hantar kifi, ina shan ƙaramin cokali kowace safiya ina toshe hanci. Cikin yana wata biyu Babbar Sallah ta zo, surukata kuwa, Allah ya saka mata da alheri, ta keɓe mini hantar ragon layya, an gasa an barbaɗa yaji, tana cewa, “Ci ɗiyata, ita ke ƙara jini.” Gaskiya ta faɗa, hanta na ƙara jini. Abin da ni da ita ba mu sani ba shi ne hanta ce ma'ajiyar bitamin A a jikin dabba.

Malamar awo ce ta sa na juye ledar magungunana a kan teburinta, ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan katina. Maltibitamin ɗin yana da 5,000 IU na bitamin A a kowace ƙwaya, IU ɗin nan shi ne awon da ake lissafa yawan bitamin da shi. Ƙaramin cokalin man hantar kifi yana da wajen 4,500 IU. An tashi 9,500 kafin in karya kumallo. Hanta kuma, giram 100 kawai, abin da bai kai cikin tafin hannu ba, ta haura 15,000 IU. Wato a ranakun Sallar nan ina kai wa 25,000 ko fiye, alhali mai ciki wajen 2,500 take buƙata a rana, kuma iyakar da aka ce kada ta tsallake ita ce 10,000 IU.

Dalilin wannan iyaka shi ne, bitamin A irin na dabba, wanda ake kira retinol, ba ya fita da fitsari kamar bitamin C. Jiki yana tara shi. Kuma shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da ke tsara inda fuska da kunne da zuciya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi za su zauna a watanni biyu zuwa uku na farko, to in ya yi yawa sai tsarin ya karkace. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1995 ya gano cewa matan da ke shan fiye da 10,000 IU a rana daga magunguna sun fi haifar jarirai masu irin waɗannan naƙasu. Uwar ba lallai ta ji komai ba. Ko ta ji ciwon kai da tashin zuciya da bushewar fata, za ta ɗauka laulayi ne. Ba a gane shi da jiki, da lissafi ake gane shi. Ni an tsayar da ni, an karɓe kwalbar da kwalin, an kuma tura ni hoton ciki a wajen sati na 20 don a duba halittar yaron da kyau. Ya fito lafiya, amma watannin jiran nan ban yi barcin kirki ba.

Kada wannan ya sa ki guji karas, mangwaro, kabewa, alayyahu, manja ko ganyen zogale a miya da kwaɗo. Nasu bita-karotin ne, jiki yana juya iya abin da yake buƙata zuwa bitamin A ya bar saura. Haka maltibitamin ɗin masu ciki da ake bayarwa a wajen awo, an auna nasa daidai. Abin gudu shi ne jera magani kan magani, da hanta a watannin farko, da wasu abubuwa biyu da na ga ana wasa da su. Na farko, kafson bitamin A na yara da ake rabawa a makon lafiyar mata da yara: shuɗin 100,000 IU ne, jan kuma 200,000. Na taɓa ganin wata ta matse ragowar jan a bakinta wai kada ya yi asara. Na biyu, maganin ƙurajen fuska isotiretinoyin da mayukan gyaran fata masu retinol ko tiretinoyin. Ƙwayar isotiretinoyin tana daga cikin magungunan da suka fi naƙasa ɗan tayi, mayukan kuma a jingine su har a haihu.

Saura maganin gargajiya, inda magana ke da wuya don yawanci daga hannun masoyi yake fitowa. Cikina yana wata takwas aka kawo mini jiƙon maganin zaƙi a jarka, baƙi ƙirin, mai ɗaci, wai in ba a fitar da zaƙi ba naƙuda za ta yi tsawo. Na sha kofi guda da daddare. Kafin asuba zawo ya zare ni, marata tana murɗawa, cikin yana tauri yana saki, sai da aka kai ni asibiti aka ƙara mini ruwa. Abin da ake cewa zaƙi ne ke fita, ruwan jikina ne. Mai haɗawar ma ba za ta iya cewa ga yawan abin da ke cikin kofi ɗaya ba, domin jiƙon yau da na gobe ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Duk abin da aikinsa wankin ciki ne ki bar shi: jiƙon filasko, rai-ɗore, man zurma. Ki bar jiƙon ganye ko sassaƙen bedi, da tazargade, ko da zazzaɓi ne ya kama ki, ki je a gwada jininki a ba ki maganin da ya dace da watan cikin. Zogale ganyensa abinci ne, amma saiwarsa da ɓawonsa an san su da zubar da ciki. Haka ɗanyar gwanda mai farin ƙaro, ita nunanniya ba komai. Hulba da habbatus sauda, ɗan abin da ke shiga girki daban, dafa hulba kofi-kofi ko shan man habba cokali-cokali daban, wannan ki ɗaga har ki sauka. Tsimi da gumba da sauran kayan mata da ba a faɗin abin da ke ciki, su ma su jira. Citta 'yar kaɗan a ruwan zafi tana rage tashin zuciya, ita ba laifi.

In babba ce ta kawo miki, ba sai kin yi musu ba. Ki karɓa hannu biyu ki yi godiya, ki ce malamar awo ta ce komai za ki sha sai ta gani tukuna, sannan ki sa jarkar cikin ledar da za ki tafi da ita awo tare da sauran kwalaye da kwalabe. In kuwa kin riga kin sha, sai kika ga jini, ko ruwa ya fashe, ko mara tana murɗawa a jere, ko motsin yaro ya ragu, kada ki jira ranar awo. Ki tafi asibiti a lokacin, ki tafi da ragowar jiƙon, ki faɗi yawan da kika sha da lokacin da kika sha shi.