Yadda muke tsara karatun shafin jarida mai sahu da yawa

Ƙaramin kamfaninmu da ke Yamai yana mayar da tsofaffin jaridu rubutun kwamfuta, kuma galibin hotunan da ake kawo mana an ɗauke su ne jaridar tana buɗe, shafi biyu cikin hoto guda. Gane haruffa bai cika ba mu wahala ba. Abin da ke cin lokaci shi ne sanin wane sahun rubutu ke bin wane.

Muna fara raba hoton gida biyu a kan lanƙwasar tsakiya, sannan mu miƙar da kowane shafi shi kaɗai, domin kowanne da irin tasa karkatar. Wannan miƙarwa ba ta ado ba ce. Na'ura tana gane iyakar sahu ne ta farin filin da ke tsakaninsa da na kusa, wanda sau da yawa bai wuce milimita 4 ba, alhali shafi mai tsawon santimita 40 idan ya karkace da digiri ɗaya kacal, ƙasansa yakan goce daga samansa da kusan milimita 7. Nan take filin ya ɓace mata, sai ta ɗinke layukan sahu biyu su zama layi ɗaya.

Akwai wani shafi mai sahu biyar da ya sa aka dawo mana da aiki. A samansa kanun labari ya rufe sahu uku na hagu, a tsakiyarsa kuma wani kanun ya sake rufe waɗannan ukun, yayin da sahu biyu na dama suka sauka har ƙasa da labari na uku. Na'urar ta yanka shafin a tsaye gida biyar, ta karanta sahun farko tun daga sama har ƙasa, ta zarce daga labarin gwamnati cikin na kasuwar hatsi. Na gane ɓarnar ne daga kalmar `gouver-` da aka karya a ƙarshen sahu, wadda ragowarta `nement` ta koma can nesa.

Gyaran da muka yi shi ne bin labari maimakon bin sahu. Mun fara cire sahu biyu na dama, tunda filin da ya raba su da sauran ya ratsa shafin ba tare da kanu ya tare shi ba, sannan muka yanka ɓangaren hagu a kwance, daidai saman kanu na biyu, sai daga baya muka raba kowane labari sahu-sahu. Bayanin hoto da talla muna keɓe su, kada su shiga tsakiyar jumla.

Tun daga lokacin na daina miƙa wa Tesseract, manhajar da ke gane mana haruffa, cikakken shafi da `--psm 3`, inda shi ke yanke wa kansa tsari. Kowane yanki muna sa masa lamba, mu miƙa wa Tesseract shi da `--psm 6`, wanda ke sa ya ɗauki yankin a matsayin dunƙulen rubutu guda, kuma kafin aiki ya fita sai ma'aikaciyarmu ta karanta ƙarshen kowane sahu haɗe da farkon wanda ke biye, ta ji ko jumlar ta zauna.